Raguwar Darajar Kadara: Hanya Biyu, Jimla Ɗaya

'Yan kasuwa da dama kan ɗauka cewa abin da akanta yake rubutawa a matsayin raguwar darajar kadara kuɗi ne da aka ajiye domin sayen sabuwa, ko kuwa ƙiyasin farashinta a kasuwa. Duka biyun kuskure ne. Abin da akantan yake yi shi ne rarraba kuɗin da aka riga aka kashe wajen sayen kadarar a kan shekarun da za ta yi tana aiki, domin kowace shekara ta ɗauki nata kason kafin a fitar da riba.

A ɗauki misalin mai jigilar kaya daga Legas wanda ya sayi mota a kan Naira miliyan 16, yana sa ran ta yi shekara 4 tana aiki, sannan ya sayar da ita a kan miliyan 1. Ke nan miliyan 15 ce za a rarraba.

A hanya ta farko, wato ta rabo daidai, za a cire miliyan 3.75 a kowace shekara. A hanya ta biyu kuwa, ana cire wani kaso ne daga abin da ya rage a littafi. Idan kashi 50 cikin 100 ne, za a cire miliyan 8 a shekarar farko, sai 4, sai 2, sai 1, saura miliyan 1.

Bambancin yana bayyana ne a wajen riba. Idan motar tana kawo miliyan 6 a shekara bayan an biya mai da direba da gyara, hanya ta farko za ta nuna ribar miliyan 2.25 duk shekara. Ta biyu kuwa za ta nuna asarar miliyan 2 a shekarar farko, sannan ribar miliyan 2, da 4, da 5. Jimlar ribar kowacce miliyan 9 ce, kuma kuɗin da ke banki bai canja ba.

Saboda haka abin dubawa wajen zaɓi shi ne yadda kadarar take ba da amfani. Rabo daidai ya dace da gini da kujerun ofis. Hanya ta biyu ta fi dacewa da mota ko inji, waɗanda ƙarfinsu yana cikin shekarun farko, gyara kuma yana ƙaruwa da tsufa.

Hukumar haraji dai ba ta karɓar wannan lissafi. Tana da nata rangwamen kadarori da doka ta tsara. Haka nan lissafin yana kan tsohon farashi ne, don haka wanda ya cinye ribarsa duka a lokacin hauhawar farashi, ranar da motar ta kwanta ba zai sami kuɗin wata ba.