Kalma Sahihiya a Gurbin da Ba Nata Ba: Inda Manhajar Duba Rubutu Take Gazawa

Duk wanda ya taɓa kai aikin bugu shagunan kwamfuta na Kakuri ko Barnawa ko Sabon Tasha, a kudancin kogin Kaduna, ya san al'adar masu bugun: da zarar jan layi ya ɓace daga ƙarƙashin kalmomi, sai su ce aiki ya yi tsaf. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ɓacewar jan layin nan ba shaida ba ce ta ingancin jimla, ko da kuwa an sa wa na'urar jerin kalmomin Hausa maimakon na Ingilishi.

Alal misali, a ɗauka ɗalibi ya ba da wannan jimla a buga masa: "Baƙi sun kai ƙara fada." Allon bugun da aka saba da shi ba shi da haruffa masu ƙugiya, saboda haka sai mai bugu ya rubuta: "Baki sun kai kara fada." Manhajar za ta yanyanka jimlar a duk inda ta tarar da fili, ta sami guntaye biyar, sa'an nan ta nemi kowanne shi kaɗai a cikin jerinta. Za ta sami "baki", wato na cin abinci, ta sami "kara", wato na dawa ko gero, haka kuma sauran ukun. Tambayarta ɗaya ce tak: shin wannan tsari na haruffa yana cikin jeri? Ba ta duban maƙwabtan kalma, balle ta lura cewa "baki" tilo ne, alhali "sun" jam'i yake bi. Wanda kuma ya yi gaggawar gyara, ya bi jimlar yana ɗora ƙugiya barkatai, zai mai da "fada" ta koma "faɗa", ita ma ta wuce salun alun, masu neman shari'a sun zama masu neman rigima.

Matsalar ta samo asali ne daga yadda aka gina manhajar tun farko. A 1964 Fred Damerau ya nuna cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na kalmomin da aka rubuta ba daidai ba kuskure guda ne a cikinsu: ƙarin harafi, ko raginsa, ko musanya shi da wani, ko juya haruffa biyu da ke jere. Dabarar tana aiki muddin kuskuren ya haifar da abin da ba kalma ba ne. To, amma kalmomin Hausa da dama gajeru ne, masu gaɓa biyu, kuma a cunkushe suke kamar rumfunan kasuwa. A sauya wasali ɗaya a cikin "kara", sai a sami kora, kura, kira, kare, ko karo. Yatsa ya zame ko ta ina, da wuya bai faɗa kan wata kalma sahihiya ba. Daɗin daɗawa, rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali.

Mai karatu zai iya zaton cewa faɗaɗa jerin shi ne magani. Akasin haka ne, kamar yadda James Peterson ya nuna a 1986: gwargwadon girman jeri, gwargwadon yawan kurakuran da za su sulale, domin kowace baƙuwar kalma da aka ƙara mafaka ce ga wani kuskure.

Hanyar da ta rage matsalar ita ce duban mahalli. A 1991 Mays da Damerau da Mercer sun gwada auna kalmomi uku-uku a jere, ana kwatanta su da abin da aka saba gani a cikin tarin rubuce-rubuce. Da wannan, ana iya gane cewa "kai ƙara fada" ya fi "kai kara fada" yawan aukuwa. Sai dai dabarar tana bukatar rubutu mai ɗimbin yawa kuma ingantacce, alhali Hausar da ke yawo a intanet da yawanta ba ta da ƙugiya, ga haɗe kalmomi ba bisa ƙa'ida ba.

Ko da an sami tarin, akwai inda dole ta tsaya. A ce sakataren wata ƙungiyar unguwa yana nufin "Sun ba ta kuɗi", aka buga "Sun bata kuɗi". Idan babu "bata" a jeri, za a ja mata layi, kuma cikin shawarwarin da suka fi kusa akwai "ɓata", tun da harafi ɗaya ya raba su. Mai bugu ya karɓa, jan layi ya ɓace, rahoto ya fita da "Sun ɓata kuɗi". Jimlar daidai take a nahawu da ma'ana, ga shi kuwa ta ɗora wa bayin Allah zargin almubazzaranci. Wanda ya halarci taron, ya ga an miƙa wa matar kuɗin, shi ne kaɗai zai iya cewa a mayar da fili tsakanin "ba" da "ta".