Ƙarin ma'aikaci ɗaya da faɗaɗa masana'anta: lissafin Cobb da Douglas

A shekarar 1928 wasu Amurkawa biyu, Charles Cobb masanin lissafi da Paul Douglas masanin tattalin arziki, suka fitar da ƙa'idar da ke danganta yawan kayan da masana'anta ke samarwa da yawan ma'aikatanta da jarinta. Ga yadda ake rubuta ta:

Q = A × L^a × K^b

Q shi ne kayan da aka samar, L ma'aikata, K injuna da sauran jari, A kuma ma'aunin ƙwarewa da fasaha. Ƙananan lambobin nan na sama, a da b, su ne ƙashin bayan lissafin. Da malaman suka auna masana'antun Amurka daga 1899 zuwa 1922, sai suka sami a ya kai 0.75, b kuma 0.25.

A ƙaddara wata ma'aikatar casar shinkafa mai ma'aikata 16 da injuna 4, inda A yake 10, a da b kuma kowanne 0.5. Idan lambar sama 0.5 ce, ana neman adadin da in aka buga shi sau kansa zai ba da lambar ƙasa: 16 ta ba da 4, 4 ta ba da 2. Ke nan 10 × 4 × 2, buhu 80 a yini.

Tambayar farko ita ce me zai faru in aka ɗauki ma'aikaci ɗaya, injuna suna nan yadda suke. Abin da wannan mutum ya ƙara ana samunsa da a × Q / L, wato 0.5 × 80 / 16, buhu biyu da rabi. In aka yi ta ɗaukar mutane har suka kai 64 a kan injuna huɗun nan, casa za ta kai buhu 160 kacal, ƙarin mutum ɗaya kuma ya faɗo zuwa buhu 1.25. Ba ragwanci ne ya kawo haka ba. Mutum goma sha shida ne ke kewaye da kowane inji, wani na zuba shanshera, sauran na jiran layi. Da injuna aka ƙara zuwa 16 aka bar ma'aikata 16, da ƙarin mutum ɗaya ya hau zuwa buhu 5.

Wannan ƙa'ida kiyasi take bayarwa, kuma ta fi dacewa da ƙarin da bai taka kara ya karya ba. Ta ce ƙarin inji ɗaya zai kawo buhu 10, amma in aka lissafa da injuna 5 kai tsaye, buhu 89.4 ake samu, wato ƙarin 9.4, domin daga 4 zuwa 5 babban tsalle ne.

Tambaya ta biyu daban ce: idan aka ƙara komai tare fa? Ma'aikata 64 da injuna 16, wato kowanne ya ninka sau huɗu, za su ba da 10 × 8 × 4, buhu 320. Shi ma ninki huɗu ne cif. Sirrin yana cikin jimlar a da b. In jimlar 1 ce, kaya na ƙaruwa daidai da faɗaɗawar. In ta gaza 1, kamar 0.75, ninka komai sau biyu zai ƙara kaya sau 1.68 ne kawai, abin da kan faru in wuri ya fi ƙarfin masu kula da shi. In ta zarce 1, kamar 1.25, ninkin zai ba da 2.38, saboda babbar ma'aikata na iya ba kowa aikin da ya ƙware a kai.

A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, suna zaton raguwar ƙarin ma'aikaci ɗaya na nufin faɗaɗawa ba ta da riba. A mai da a ya zama 0.75, b ya zauna a 0.5. Jimla 1.25 ce, don haka faɗaɗawa na biya har da ƙari. Da ma'aikata 16 da injuna 4 ana samun buhu 160, ƙarin mutum ɗaya kuma buhu 7.5. A kai ma'aikata 81 ba tare da taɓa injuna ba, casa ta zama buhu 540, amma ƙarin mutum ɗaya ya sauko zuwa 5. Duka biyun gaskiya ne a ma'aikata guda. Raguwar ƙarin mutum ɗaya ta rataya ne a kan a shi kaɗai, muddin bai kai 1 ba, sakamakon faɗaɗawa kuwa a kan jimlar.

Lissafin na da iyakarsa. Yana ɗauka cewa a da b ba sa sauyawa komai girman ma'aikata, kuma kullum ana iya musanya inji da mutane. Saboda haka lambobin da aka auna a ma'aikata mai mutum 16 ba abin dogaro ba ne ga mai shirin ɗaukar mutum 1,000, sai an sake awo.