Taswirar Launi: Yadda Ake Raba wa Kowane Kashi na Gajeren Fim Nasa Yanayi

Gajeren fim na minti goma sha biyu ba shi da lokacin dogon bayani. Idan jarumi ya tashi daga farin ciki ya faɗa cikin damuwa, dole mai kallo ya ji haka a jikinsa cikin daƙiƙu kaɗan, tun kafin wani ya buɗe baki. Kiɗa na taimakawa, amma launi ya fi shi saurin isa. Shi ya sa gwanayen sana'ar suke zama tun kafin a kunna kyamara su tsara abin da ake kira taswirar launi: jerin ƙananan hotuna, ɗaya a madadin kowace fitowa, a jere daga farkon labari zuwa ƙarshensa, yadda da kallo ɗaya za a ga inda fim ya yi haske, inda ya dushe, da inda ya sake farfaɗowa.

Kamfanin Pixar na Amurka ne ya fito da wannan dabara fili. Ralph Eggleston ya zana wa fim ɗin Toy Story na 1995 irin waɗannan ƙananan hotuna da alli mai launi, daga nan kuma abin ya zama al'adar kamfanin. Masu fim da 'yan wasa na gaske, ba na zane ba, su ma sun daɗe da irin wannan tunani. Fim ɗin Moonlight na Barry Jenkins, wanda ya fito a 2016, kashi uku ne: yarinta, samartaka da girman mutum ɗaya. Da kyamarar zamani aka ɗauke shi, amma mai ɗaukar hoto James Laxton da mai gyaran launi Alex Bickel sun sa kowane kashi ya kwaikwayi wani tsohon faifan fim daban: na farko Fuji, na biyu Agfa, na uku Kodak. Mai kallo bai san waɗannan sunaye ba, amma yana jin cewa zamani ya juya.

Abu uku ake juyawa a kowane hoto na taswira. Na farko shi ne irin launin da ya rinjaya, ko mai ɗumi kamar ja da ruwan goro, ko mai sanyi kamar shuɗi. Na biyu shi ne yawan haske da duhu. Na uku kuma kaurin launin, wato ko ja wur ne, ko kuwa ya koɗe ya koma kusa da ruwan toka. Masu koyo sukan tsaya a na farko kaɗai, su ce wannan kashi ja, wancan shuɗi. Amma ido ya fi saurin kama haske da duhu, kuma sau da yawa koɗewar launi ta fi sauya launi iya nuna baƙin ciki.

Akwai kuma abin da ya kamata a riƙe da kyau: babu launin da yake da ma'ana tasa ta dindindin. Fari a wurinmu shi ne rigar Juma'a da ta Idi, shi ne kuma likkafani. Abin da ya zo kafinsa ne yake gaya wa mai kallo wanne ake nufi. Haka nan shuɗi ba zai yi sanyi ba sai idan ido ya saba da ɗumi kafin a kai gare shi. Saboda haka ba a tsara kashi ɗaya shi kaɗai, sai tare da maƙwabtansa.

A ɗauki misalin wani gajeren fim na minti goma sha biyu. Tela ne a wata unguwa ta cikin birnin Kano, ranar jajiberin Sallah. Ya yi wa 'yarsa alkawarin ɗinka mata atamfarta, amma kayan mutane sun yi masa yawa. Kashi na farko minti uku ne: la'asar, shago cike da masu jiran ɗinki, yarinya ta kawo atamfa ya ajiye a gefe. Kashi na biyu minti shida: dare ya yi, an ɗauke wuta, masu kaya suna ta faɗa, ya manta da alkawari. Kashi na uku minti uku: safiyar Sallah, ya kwana ɗinki, ya kai mata.

Fitowa goma sha biyu ke nan ko kusa da haka, don haka hoto goma sha biyu: uku, shida, uku. Kowanne kada ya wuce girman kwalin ashana, domin idan ya yi girma mutum zai shagala da zanen fuska da ninkin riga, alhali dunƙulen launi ake nema. Wanda bai iya zane ba zai iya ɗaukar hotunan lokeshan da waya, ya ƙanƙanta su, ya shafa musu launi a kai.

Hotuna uku na farko za su kasance masu ɗumi da kauri: jan bango, rana mai ruwan goro tana shigowa ta ƙofa, shadda da atamfa kala-kala a rataye. Shida na tsakiya za su bi a hankali daga shuɗi mai ɗan haske zuwa mai duhu, launukan kaya suna koɗewa, har a kai hoto na tara, wanda shi ne mafi duhu a fim ɗin gaba ɗaya, lokacin da telan ya ga atamfar a ƙarƙashin tarin ƙyallaye. Uku na ƙarshe kuma ba za su koma ruwan goron farko ba, domin mutumin da ya kwana cikin nadama ba shi ne na jiya ba. Za su zama fari mai tsabta, haske ko'ina, fararen riguna na masu tafiya Idi.

Daga nan sai a keɓe launi ɗaya a hana shi ga kowa. A nan atamfar yarinyar ce, kore shar. An zaɓi kore ne saboda yana fita sosai a kan jan bango da kuma cikin fararen riguna. A kashi na farko ɗan tabo ne a gefen hoto, a na biyu ya ɓace sai a hoto na tara, a na uku ya cika allo. Albert Lamorisse ya yi irin wannan a gajeren fim ɗinsa na 1956 a kan wani yaro da jan balan-balan, inda jan ya yi fice a kan titunan Paris masu ruwan toka. Sharaɗin shi ne a kawar da kore daga ko'ina: idan ƙofar maƙwabci koriya ce, a sauya kusurwar kyamara, idan wani ɗan rakiya ya zo da koriyar hula, a ba shi wata.

Wajen sauyawa daga kashi zuwa kashi, ya fi kyau wani abu a cikin labarin ya jawo sauyin. Ɗauke wuta dalili ne da kowane mai kallo zai yarda da shi, don haka ana iya faɗawa cikin shuɗi farat ɗaya. Daga dare zuwa safiya kuwa a hankali za a bi, kamar yadda gari ke wayewa. Kafin a amince da taswira, a mai da jerin hotunan baƙi da fari a duba. Idan har yanzu ana iya gane inda kowane kashi ya fara, tsarin ya tsayu. Idan duk sun zama toka iri ɗaya, to launi kawai aka sauya, ba a taɓa haske ba.

Mafi yawan aikin a lokeshan ake yin sa, ba a kwamfuta ba. Sai kowa ya sami kwafin taswirar: mai kula da sutura, mai shirya ɗaki, mai fitila da mai ɗaukar hoto. Shi mai ɗaukar hoto da ma'aunin kelbin yake aiki. Hasken rana kusan 5600 ne, tsohon ƙwan fitilar fim mai zafi kuwa 3200. Idan aka saita kyamara a lamba sama da ta hasken wurin, hoto zai yi ɗumi, idan ƙasa da ita, zai yi shuɗi. A shagon telan, ana iya saita ta a wajen 6500 da la'asar. Da dare, farar fitilar caji dama tana karkata wajen shuɗi, saitin wajen 4000 zai ƙara mata sanyi. Da safe sai a daidaita saiti da hasken wurin, domin fari ya fito fari fat. Kada a bar kyamara a kan `AWB`, saboda za ta dinga gyara launi da kanta, ta share duk abin da aka tsara. A kuma tuna cewa jar ranar la'asar ba ta daɗewa a ƙasarmu, ga shi hazon hunturu yana kashe kaurin launi, don haka fitowa uku na farko suna iya cin yammaci biyu ko uku.

Inda aka fi samun matsala shi ne fata. Idan aka zuba shuɗi a kan hoto gaba ɗaya, fuskar baƙin mutum takan koma toka-toka kamar ta marar lafiya. Maganinsa shi ne bango ya ɗauki shuɗin, fuska kuma a ba ta ƙaramin haske mai ɗan ɗumi daga gefe, kamar na kyandir ko aci-bal-bal da ke cikin labarin. A manhajar DaVinci Resolve akwai ma'aunin `Vectorscope` mai layin launin fata. Fatar mutum, fari ne ko baƙi, kusa da wannan layi take faɗawa, bambancin yana wajen haske ne. Idan ta yi nisa da shi zuwa kore ko shuɗi, an wuce gona da iri.

Matsala ta biyu ita ce dogaro da cewa edita zai gyara. Kyamara mai ɗaukar bit 8 tana da matakai 256 ne kawai a kowane launi na tushe, mai bit 10 kuwa 1024. Idan aka matsa wa hoton bit 8 da gyara, sararin sama da bango sukan tsage su yi layi-layi. Kuma idan jarumi ya sa jar riga a kashin da aka tsara masa shuɗi, raba ta da launin fatarsa a kwamfuta aiki ne mai cin rai, domin ja da fata maƙwabta ne.

Ta uku ita ce na'urar da za a kalli fim ɗin. Yawancin masu kallon gajeren fim a waya suke kallo, wani lokaci a tsakar rana. Hoto na tara da ya yi kyau a ɗakin edita mai duhu zai iya zama baƙi ƙirin a hannun mai kallo. Kafin a fitar da fim, a tura wannan fitowar zuwa waya biyu ko uku masu araha, a fita waje a duba. Idan ba a ga koren atamfar da idon telan ba, sai a ɗaga hasken fuskar da na ƙyallen kaɗan, a bar bangon yadda yake.