Haddin Saro Kaya: Yaushe Ne Ya Wajaba Ɗan Kasuwa Ya Aika Kano?

Duk shekara, da zarar an shiga watan Sha'aban, sai jita-jita ta tashi a kasuwanninmu cewa sukari zai yanke kafin a ga wata, sai kuwa jama'a su kasu biyu, masu saye suna zargin 'yan kasuwa da ɓoye kaya, 'yan kasuwa kuma suna rantsuwa da cewa laifin na manyan diloli ne da direbobi. Ba na musun cewa akwai masu ɓoyewa, Allah Ya shirye su. Amma wanda ya zauna a bakin rumfa ya lura da kyau zai tarar cewa yawancin shagunan da ke wayar gari babu ko buhu ɗaya, alhali buhuna na jibge a Kasuwar Singa ta Kano, ba zalunci ne ya kai su ga haka ba, wani ɗan lissafi ne da aka raina.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne amsar da nakan samu idan na tambayi mai shago yaushe yake aikawa a saro masa kaya. Wani ya ce idan ya ga sito ya yi sauƙi, wani ya ce ranar Litinin ta kowane mako, wani kuwa ya ce ai Kano da Gusau tafiyar yini ɗaya ce, saboda haka ko buhu biyar suka rage masa babu fargaba. Wannan na ƙarshen shi ya fi kowa kuskure, domin ya ɗauki kwanakin da mota take yi a hanya a matsayin kwanakin da shi yake yi yana jira, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai tazara mai nisa.

Abin da ake nema adadi ne na kaya, wanda idan abin da ke cikin sito ya sauko ya taɓa shi, aikawa ta wajaba a ranar, ko Litinin ce ko Alhamis, ko sito ya yi kama da cikakke ko bai yi ba. Ni haddi nake kiransa. Malamai za su gane shi da sauri idan suka tuna nisabin zakkar hatsi, wanda ba a duban fuskar manomi ko girman rumbunsa a kansa, awo kawai ake yi, in ya kai hukunci ya hau. Bambancin kurum shi ne nisabi daga ƙasa ake hawa a cim masa, haddi kuwa daga sama ake saukowa. Ƙa'idarsa kuma gajera ce: a ɗauki abin da ake sayarwa a kwana ɗaya, a ninka shi sau yawan kwanakin jira, sa'an nan a ɗora ajiyar ko-ta-kwana a kai.

Mu ƙaddara wani Alhaji ne a Gusau, mai sayar da sukari buhu-buhu, irin mai kilo 50, ga masu shayi da masu gidan burodi da 'yan tireda, yana kuma sarowa daga Singa ta hannun dillali. Ya buɗe littafinsa ya ga cewa a cikin kwana 30 da suka shige ya sayar da buhu 168. Mai gaggawa sai ya raba 168 gida 30 ya sami biyar da 'yan kai, ya ce cinikinsa ke nan. Amma da aka duba littafin da kyau sai aka ga akwai kwana biyu da ba a rubuta kome ba, kuma dalilin shi ne sukarin ne ya ƙare, masu saye suka zo suka juya. Littafin ciniki abin da aka sayar yake riƙewa, ba ya riƙe abin da aka nema aka rasa, don haka waɗannan kwana biyun ba su cancanci shiga hisabi ba. A raba 168 gida 28, sai a sami buhu 6 daidai a kowace rana.

To, sai kwanakin jira, kuma a nan nake son mai karatu ya yi haƙuri da ni. Ranar farko Alhaji ya buga wa dillali waya, suka yi ciniki, ya tura kuɗi da yamma. Rana ta biyu dillali ya tabbatar kuɗi sun shiga, ya saya, 'yan dako suka fitar. Rana ta uku kaya na zaune a gefen mota, domin Alhaji ba shi kaɗai ya ɗauki shatar motar ba, kuma direba ba zai tashi ba sai ta cika da kayan wasu. Rana ta huɗu ce kaɗai ta tafiya, ta Funtuwa da Tsafe, hanyar da direba mai hankali ba ya son dare ya riske shi a kanta a 'yan shekarun nan, ga kuma shingaye da ba a san iyakar masu su ba, kowane da irin takardar da yake tambaya. Rana ta biyar aka sauke, aka ƙirga, aka shigar sito. Kwana biyar ke nan cur, a kan hanyar da ake ce wa ta yini ɗaya, kuma a cikin kowace rana daga cikinsu masu shayi ba su fasa zuwa ba.

Uwargidan da ta san mai ruwa ba ya zuwa unguwarsu sai bayan la'asar ba ta jiran randa ta ƙafe kafin ta aika, tun da hantsi take leƙawa ta kimanta ko abin da ya rage zai kai ta girkin rana da alwalar mutanen gida. Wadda za ta kai niƙa ba ta jiran garin tuwo ya ƙare ƙaf, domin ta san akwai surfe, akwai shanya, akwai layi a wurin inji, wata rana ma a tarar babu wuta. Direban da zai ratsa dajin da babu gidan mai ba ya tambayar ko tankinsa ya yi rabi, abin da yake tambaya shi ne ko abin da ke ciki zai kai shi gidan mai na gaba. Dukansu tambaya ɗaya suke yi, wato me za a ci daga lokacin da aka aika zuwa lokacin da aike ya dawo, kuma abin mamaki ne a ce mutumin da ya san wannan sarai a gidansa ya manta da shi a shagonsa.

Ga Alhaji, amsar ita ce buhu 6 sau kwana 5, wato buhu 30. Idan ya aika ranar da buhu 30 suka rage, kuma kome ya tafi bisa al'ada, buhun ƙarshe zai fita ta ƙofa a daidai sa'ar da 'yan dako ke shigo da sabo. Sai dai al'ada ba ta da alkawari, kuma matsakaicin adadi, bisa ɗabi'arsa, ana zarce shi sau da yawa kamar yadda ake kasa kai masa. Wannan ne ya kawo ajiyar ko-ta-kwana. Hanya mafi sauƙi ta fitar da ita ita ce a koma ga littafin nan dai, a nemo makon da ciniki ya fi zafi da kuma sarin da ya fi daɗewa. A ce ya tarar akwai makon da ya riƙa sayar da buhu 8 a rana, kuma akwai lokacin da mota ta lalace kaya suka yi kwana 7. To 8 sau 7 ya ba da 56, in an cire 30 na al'ada saura 26, ajiyar ke nan, haddin kuma ya zama buhu 56.

Wani zai ce buhu 26 da za su yi ta zama a sito dukiya ce mai yawa da aka ɗaure, kuma yana da gaskiya, musamman ga mai ƙaramin jari, ga kuma sukari da ba ya shiri da danshin damina. Adadin 56 na wanda ya ɗauka cewa musibun biyu za su haɗu a mako ɗaya ne, abin da ba kasafai yake aukuwa ba. Wanda ya fi tsoron jinkirin mota kaɗai zai iya tsayawa a 6 sau 7, wato buhu 42, ya yarda cewa wata rana zai ba mai saye haƙuri. Zaɓin nasa ne, gwargwadon jarinsa da kuma yadda abokan cinikinsa ke saurin komawa maƙwabci, amma ya zaɓa da saninsa. Wannan ajiya kuwa ba ita ce ihtikarin da malamai suka yi hani da shi ba, domin mai ihtikari yana hana kaya ne alhali ana nema, don farashi ya tashi, wannan kuwa yana ajiyewa ne don kada a nema a rasa.

Akwai kuma wurin da ƙirga kan yaudari mutum. Ya shiga sito ya ga buhu 60 ya ce da saura, alhali 10 daga ciki na mai gidan burodi ne da ya biya tun jiya bai kwashe ba, ashe nasa 50 ne, ya riga ya gota haddi. Haka nan idan akwai buhunan da ya riga ya biya suna bisa hanya, wajibi ne ya haɗa su cikin ƙirga, in ba haka ba zai sake aikawa kullum har jari ya ƙare. Wanda kuma ba ya ƙirgawa sai Juma'a-Juma'a, ya sani buhu 42 na iya fita tsakanin ƙirga da ƙirga ba tare da ya farga ba.

Mu dawo ga Sha'aban. Haddin da aka fitar da cinikin Rajab ba ya aiki a azumi, domin duka ɓangarorin lissafin suna motsawa tare, masu kunu da masu shayi da masu rabon sadaka suna ƙara saye, Singa kuma tana cika har samun mota ya yi wuya. In littafin bara ya nuna Alhaji yana sayar da buhu 12 a rana a farkon azumi, jira kuma ya koma kwana 6, abin da zai ci kafin kaya su iso buhu 72 ne tun ba a yi zancen ajiya ba, kuma 56 ɗin da ya dogara da su za su ƙare a rana ta biyar, mota tana hanya. Daga nan ne jita-jitar yankewar sukari takan samo ƙafa. Abin da lissafin nan ba ya iya hangowa shi ne hukuncin mahukunta na dare ɗaya, kamar yadda aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, ko ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokutan da mai son aikawa ma ya rasa ta inda zai aika. Da masu yanke irin wannan hukunci sun taɓa jiran mota a bakin sito, da wataƙila sun riƙa ba da wa'adi.

Shi kuwa Alhaji ba ya bukatar ya riƙa buɗe littafi kowace safiya. Ya sa a jera buhu 56 a lungu guda bisa katako, a ja layi da alli a bango daidai tsayinsu, a riƙa musanya su da sababbi duk sari don kada su daskare, sa'an nan ya gaya wa yaron shago cewa ranar da hannunsa ya kai ga wannan jeri, kafin ya ɗaga buhun farko, ya zo ya faɗa masa a buga wa Kano waya.