Sa Alƙaluma a Takardar Neman Aiki Idan Adadin Ya Ɓace Ko Sirri Ne

Duk wanda ya taɓa zaman tantance takardun masu neman aiki ya san jimlolin da ke cika su: "Na bunƙasa ciniki." "Na kula da kwastomomi masu yawa." Mai karantawa ba ya iya bambance wanda ya riƙe shaguna 5 da wanda ya riƙe 500, tunda dukansu "masu yawa" suka rubuta. Shi ya sa ake matsa wa mutane su sa lamba. Laszlo Bock, wanda ya shugabanci sashen ma'aikata a kamfanin Google, ya yi rubutu a 2014 yana ba da shawarar kowane layi ya faɗi abu uku: abin da ka cim ma, ma'aunin da ya nuna shi, da hanyar da ka bi. Shawarar ta yi kyau, amma tana barin mutane da yawa a tsaka mai wuya. Wani bai taɓa ajiye lissafi ba, wani kuma ya san adadin sarai amma na maigidansa ne, ba shi da ikon fitar da shi.

Ra'ayina shi ne, lambar da ta cancanci shiga takarda ita ce wadda za ka iya sake ƙirga ta da baki a gaban mai tambaya. Don a ga yadda ake yi, mu ƙaddara wani matashi da ya yi shekara biyu yana tallan kaya ga wani babban dila a Kasuwar Singa ta Kano, yana zagaya shagunan unguwanni yana karɓar oda da kuɗi. Duk alƙaluman da ke tafe na misali ne.

Matsalarsa ta farko, bai san yawan shagunan da ya riƙe ba, littafin kuma yana hannun dila. Sai dai ya san yadda yininsa yake tafiya. Kullum yana leƙa shago 12 zuwa 15, kwana biyar a mako, kuma kowane shago sau ɗaya yake zuwa a mako. Ninka 12 sau 5 ya ba da 60, ninka 15 sau 5 ya ba da 75. Gaskiyar tana tsakanin nan. Abin da zai rubuta shi ne "shaguna aƙalla 60 a kowane mako", ko "tsakanin 60 da 75". Ba zai rubuta 75 kaɗai ba, domin wannan makon da komai ya tafi daidai ne, ba ruwan sama, babur bai lalace ba. Ba kuma zai rubuta 68 ba, ko da yake kusan tsakiyar ke nan, saboda lamba irin wannan tana nuna an ƙirga ɗaya bayan ɗaya, alhali kintace aka yi. Kalmomin "kimanin", "aƙalla" da "sama da" ba rauni ba ne a takarda. Su ne ke gaya wa mai karatu irin lambar da ke gabansa. Kafin ya tsayar da adadin, yana da kyau ya duba tsofaffin saƙonnin wayarsa da lambobin masu shaguna da ya ajiye. In ya tarar da lambobi 40 kacal, to lissafin yana da gyara, wataƙila wasu shagunan sau biyu yake zuwa.

Matsala ta biyu ta fi nauyi. Ya san cewa lokacin da ya karɓi yankin ana sayar da katan 800 a wata, ya bar shi a kan 1,000. Wannan sirrin kasuwar dila ne, kuma takardar tana iya faɗawa hannun abokin gogayyarsa, tunda a cikin sana'a ɗaya mutum yake neman aiki. Mafita ita ce a faɗi girman canjin a ɓoye tushen. Ƙarin katan 200 a kan 800 kashi 25 cikin 100 ne, sai ya rubuta: "Na ƙara yawan kayan da ake sayarwa a yankina da kimanin kashi 25 cikin 100 a shekara biyu, ta hanyar shigo da sababbin shaguna da tsayar da ranar kai kaya."

A nan akwai tarkon da mutane ke faɗawa ba su sani ba. In ya rubuta kashi 25 a wannan layi, a layi na gaba kuma ya ce "ƙarin katan 200 a wata", ya tona abin da yake ɓoyewa, domin ɗan firamare ma zai gano cewa 200 rubu'in 800 ne. Ɗaya ake zaɓa, ba biyun ba. Haka nan in adadin shaguna da matsakaicin abin da kowane shago ke saye suka haɗu a takarda ɗaya, an ba da jimillar ciniki ke nan.

Na ce ya ƙirga katan, ban ce naira ba, kuma da gangan na faɗa. Bayan da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dalar da ake canzawa a wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin 100 a shekarar. Wanda ya rubuta cewa ya ninka ciniki a naira a wannan tsakani, mai yiwuwa katan ɗaya bai ƙara ba, farashi ne ya tashi. Mai tantancewa da ya san kasuwa zai tambaya nan take: "Kuɗi ne ya ƙaru ko kaya?" Ga wanda ya yi aiki a waɗannan shekaru, buhu, katan, lita ko yawan mutane sun fi kuɗi faɗin gaskiya.

Sai batun haƙƙin wasu. In su huɗu ne suka yi aikin, ya rubuta "ina cikin mutum huɗu da suka…", sannan ya fayyace nasa kason. Masu ɗaukar ma'aikata kan kira tsohon maigida, kuma ba abin da ke zubar da mutunci kamar a ji ka cinye aikin jama'a kai kaɗai.

Wani lokaci ko kason ma ba zai fitu ba. Ma'aikacin banki, asibiti ko gwamnati yakan sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri, kuma a Najeriya akwai dokar sirrin gwamnati ta 1962 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Irin wannan mutum ya fara karanta abin da ya sa wa hannu. Abin da hukumar ta riga ta buga a rahotonta na shekara ya zama na kowa, yana iya kafa hujja da shi. Bayan wannan, sai ya koma ga ma'aunan da ba su taɓa kuɗi ko sunan kowa ba: mutum nawa ke ƙarƙashinsa, jihohi nawa aikin ya shafa, rahoton da ke cin kwana biyar ya dawo kwana biyu, ko ya zo na biyu cikin masu talla tara.

Matashin namu yana da hanya mafi sauƙi, tunda dilansa yana nan a Singa. Ya je ya gaishe shi, ya nuna masa layin a rubuce: "Alhaji, ga abin da nake so in sa, kashi 25, ban ambaci yawan kaya ba. In ba ka amince ba sai in cire." In Alhaji ya duba littafi ya ce ai bai kai haka ba, kashi 20 ne, to 20 ɗin zai rubuta, domin Alhajin ne za a buga wa waya.