Android Studio a Ƙaramar Laftof: Abin da Ke Sa Emuleta Nawa da Yadda Ake Magance Shi

Wanda ya fara koyon haɗa manhajar waya yakan ci karo da wahalarsa ta farko tun kafin ya rubuta wani abin kirki. Ya sauke Android Studio, ya danna maɓallin Run, sai hoton waya ya bayyana a allo, ya tsaya cak a kan tambarin Google ko kalmar android, fankar laftof tana ta gurnani. Wannan wayar ta cikin allo ita ce emuleta, wato waya ta kwaikwayo da kwamfuta ke ƙirƙira domin a gwada manhaja a kanta. Da yawa sukan yanke hukunci nan take cewa laftof ɗinsu ba za ta iya ba. Sau da yawa kuwa za ta iya. Nawar emuleta tana da dalilai biyu daban-daban, kowanne da alamarsa da maganinsa, kuma wanda bai bambance su ba zai yi ta gyaran inda ba nan ciwon yake ba.

Dalili na farko yana cikin furosesa. Domin emuleta ta yi sauri, sai an ba ta damar aiki kai-tsaye da furosesar kwamfuta, ta wata hanya da Intel ke kira VT-x, a na'urorin AMD kuma AMD-V ko SVM. Akwai laftof da yawa, musamman na hannu, da ke zuwa da wannan hanya a kulle. A Windows, buɗe Task Manager, shiga Performance, danna CPU, ka nemi layin Virtualization. Idan ka ga Disabled, ka gano ɓarawon. Sai ka sake kunna kwamfutar, ka shiga BIOS (a HP galibi da F10, a Dell da F2), ka mayar da shi Enabled. Daga nan ka nemi Turn Windows features on or off, ka zaɓi Windows Hypervisor Platform, ka sake kunnawa. Masu Linux kuma KVM ne nasu. Tsofaffin darussa za su ce ka saka HAXM; Intel ta daina kula da shi, kada ka ɓata datarka. Don tabbatarwa, shiga babban fayil ɗin emulator da ke cikin Android SDK ka rubuta:

```
emulator -accel-check
```

Idan amsar ta nuna cewa an saka hanyar kuma tana aiki, wannan ƙofa ta buɗe. Saura ka kula lokacin ƙirƙirar wayar a Device Manager: a laftof mai Intel ko AMD, zaɓi tsarin da aka rubuta wa x86_64, ba arm64-v8a ba, domin shi ne ya dace da furosesarka. Kowane tsari yakan haura giga 1 wajen saukewa, don haka ɗaya ya isa.

Dalili na biyu shi ya fi addabar mutane, wato ƙarancin RAM, wurin da kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take yi a yanzu. Mu ɗauki laftof mai giga 8 mu yi lissafi. Windows da ƴan shirye-shiryen da ke tashi tare da ita sukan kama kusan giga 3. Android Studio kanta takan kusanci giga 2. Gradle, wanda ke harhaɗa manhajar, shiri ne mai zaman kansa, kuma sabon aiki yakan zo da izinin ya ci har giga 2. Emuleta za ta ɗauki kusan giga 2 na wayar da take kwaikwaya, da ƙari na ɗawainiyar kanta. Mun kai 9 ke nan, ba a ma buɗe Chrome don kallon darasi ba. Idan wuri ya ƙare, Windows ba ta tsayawa; sai ta riƙa kwashe wasu kaya zuwa faifan ajiya tana dawo da su, kamar tela mai ƙaramin tebur da sai ya sauke wani yadi ƙasa kafin ya shimfiɗa wani. Alamar a fili take a Task Manager: Memory ya haura kashi 90, Disk ya manne a 100, alhali CPU ba ya wani aiki sosai. Idan faifan tsohon HDD ne mai juyawa, a nan ake yin zaman jiran da ba ya ƙarewa.

Gyaran shi ne a rage wa kowa rabonsa. A fayil ɗin gradle.properties na aikinka, sauko da iyakar Gradle:

```
org.gradle.jvmargs=-Xmx1536m
```

Wannan ya wadaci ƙaramin aikin mai koyo. Kada ka matse shi fiye da kima. Idan ka fara ganin OutOfMemoryError, ko harhaɗawa ta ƙara nawa, ka mayar masa da wani abu. Ka kuma sani cewa Gradle yakan ci gaba da zama a ɓoye har awa 3 bayan ya gama aiki, yana riƙe da RAM. Umarnin gradlew --stop yana sallamarsa. A Device Manager kuma, zaɓi waya mai ƙaramin allo maimakon sabuwar Pixel mai ɗimbin ɗigo, domin zana babban allo aiki ne da ba ka buƙata. Sannan ka rufe Chrome, ka kalli darasin a wayarka.

Yanzu batun tashin emuleta kansa. Tun ƙarshen 2017 akwai Quick Boot: idan ka rufe emuleta, takan adana halin da take ciki a faifai, gobe ta ɗora daga nan cikin daƙiƙu maimakon ta tashi daga farko, wanda ake kira Cold boot. Tashin farko dole ya daɗe, ka yi haƙuri da shi. Amma adanawar tana faruwa ne idan an rufe emuleta yadda ya kamata. Mai laftof da batirinta ya mutu, da zarar an ɗauke wuta ta mutu, ya rasa wannan adanawa, kuma wani lokaci abin da aka adana yakan lalace har wayar ta maƙale a baƙin allo. Maganin wannan shi ne Cold Boot daga Device Manager, sannan a rufe ta da kyau. Kuskuren da ya fi yawa shi ne rufe emuleta bayan kowane gwaji. Bar ta a buɗe. Duk lokacin da ka danna Run, sabuwar manhajar kawai za a tura mata.

Mai giga 4 kuwa, gaskiya ɗaya ce: ka manta da emuleta. Ko Google giga 8 ta sa a matsayin mafi ƙanƙanta ga Android Studio kaɗai. Wayar da ke aljihunka ta fi kowace emuleta. Shiga Settings, About phone, danna Build number sau 7, sai Developer options ya bayyana. Kunna USB debugging, haɗa wayar da kebul, ka rubuta:

```
adb devices
```

Idan ka ga device a gaban lambar wayar, an gama. Idan unauthorized ne, duba allon wayar ka amince da tambayar da ta fito. Idan babu komai a jerin, fara zargin kebul, domin da yawa na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai. Ni ko mai giga 8 wannan hanya nake ba shi shawarar bi a aikin yau da kullum, tunda tana mayar masa da fiye da giga 2, kuma yana ganin manhajarsa a irin wayar da mutane ke riƙe da ita da gaske.

Idan ka samu ɗan kuɗi, kada ka yi gaggawar sauya laftof. Ka kai ta wurin mai gyara ya duba ko tana da gurbin ƙarin RAM, domin wasu an manne nasu da allon ciki. In tana da HDD, fara sauya shi da SSD, sannan ka ƙara RAM.