Wasiƙar Farko ga Ƙungiyar Unguwa kan Rigakafin Zazzaɓin Cizon Sauro

Wasiƙar imel ta farko da ma'aikaciyar lafiya ke aika wa ƙungiyar unguwa neman izinin zama ce, domin ba a ƙulla yarjejeniya da wanda ba a taɓa gaisawa da shi ba. Misali shi ne jami'ar asibitin sha-ka-tafi da ke son ƙungiyar matan unguwa ta taya ta wayar da kan iyaye game da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata lokacin damina.

Kan wasiƙar yakan faɗi aikin da sunan unguwar a layi guda. Daga nan sai sallama da kiran shugabar da muƙaminta, sannan jami'ar ta faɗi sunanta, wurin aikinta, da wanda ya haɗa su. Sai ta kawo matsalar: ma'aikata ne ke ba yaro maganin ranar farko, amma na kwana biyun da suka rage yana hannun uwa, kuma a nan ake yawan mantuwa.

Bayan haka sai rabon aiki. Asibiti zai kawo mai bayani, ƙungiya kuma ta zaɓi wuri da lokacin da mata ke samun sarari. Idan babu kuɗin zama, a faɗa tun yanzu, domin ɓoye wannan ne ke ɓata zumunci daga baya.

Wasiƙar takan ƙare da roƙo ɗaya: ganawar rabin awa, tare da ranaku biyu da za a zaɓa da lambar waya. Idan mako ya wuce shiru, a bi sawu da kira ko ziyara.